Mai rage gudu da sandar linzami: yadda ake riƙe wutar tukunyar nukiliya

Duk wanda ya fara jin cewa a cikin tukunyar nukiliya akwai wani abu da aikinsa shi ne rage gudun niyutiron, wato ƙananan ƙwayoyin da ke fitowa daga cikin atam idan ta tsage, abin da yake fara zuwa masa a rai shi ne birki, wato abin da aka sa domin kada wuta ta yi yawa. Wannan fahimta kuskure ce, kuma daga ita ake samun yawancin ruɗanin da ke tattare da wannan batu. Mai rage gudu, wanda masana suke kira modareta, shi ne yake sa wutar ta kama tun farko, domin idan aka cire shi daga irin tukwanen da ake samar da lantarki da su a yau, aikin tsayawa yake yi cak. Masu aikin birki su ne sandunan da ake zurawa a cikin tukunyar ana zarowa, waɗanda za mu kira sandunan linzami. Na ɗauki tsawon lokaci ina ganin cewa wanda ya bambanta waɗannan biyu, ya kuma san abin da ke faruwa da kowannensu idan tukunya ta yi zafi, ya riƙe kan zaren duk wata magana da ake yi a kan amincin tashoshin nukiliya.

Sai mu fara da abin da ake ƙonawa. Yuraniyam ɗin da ake haƙowa daga ƙasa, irin na Arlit a Jamhuriyar Nijar, gauraye ne na iri biyu. Kusan dukkansa U-238 ne, wanda ba ya tsagewa da sauƙi, sai ɗan kaɗan, kimanin kashi 0.7 cikin 100, shi ne U-235 mai tsagewa. Idan ƙwayar atam ta U-235 ta haɗiye niyutiron ɗaya, sai ta rabe gida biyu, ta saki zafi, ta kuma fitar da sababbin niyutiron biyu ko uku. Idan ɗaya daga cikinsu ya sami wata ƙwayar U-235 ya tsaga ta, aikin ya ɗore ke nan. Matsalar ita ce waɗannan sababbin niyutiron da gudu na fitar hankali suke fitowa, kimanin kilomita 20,000 a daƙiƙa ɗaya, kuma a irin wannan gudu da wuya ƙwayar U-235 ta kama su. Amma idan aka rage musu gudu har ya koma kimanin mita 2,200 a daƙiƙa, damar da suke da ita ta tsaga U-235 tana ninkuwa sau ɗaruruwa. Wannan gudu na ƙarshe shi ne wanda niyutiron yake tsayawa a kai idan ya daidaita da ɗumin abin da ke kewaye da shi, ba ya ƙara rasa ƙarfi, ba ya kuma samun ƙari, shi ya sa ake kiran irin wannan tukunya da tukunya mai aiki da niyutiron na ɗumi.

Enrico Fermi da abokan aikinsa ne suka gano haka a birnin Rum a watan Oktoba na 1934. Sun lura cewa azurfar da suke harba wa niyutiron ta fi ɗaukar tasiri idan an yi gwajin a kan teburin katako fiye da kan teburin marmara, sai Fermi ya sa dunƙulen kakin farafin tsakanin azurfar da inda niyutiron ke fitowa, sai ga tasirin ya ƙaru ninkin ba ninkin. Katako da kaki duka cike suke da haidurojin, kuma haidurojin ne yake tare niyutiron yana rage musu gudu.

Yadda hakan ke faruwa bai wuce karo ba, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin teburin sinuka ya ga misalinsa da idonsa. Idan farar ƙwallo ta daki wata mai nauyinta a tsakiya sosai, farar takan tsaya, ɗayar ta kwashe gudun gaba ɗaya. Idan kuwa gefe ta goga, kaɗan take bayarwa ta wuce. Da a ce ƙwallon za ta daki wani ƙaton dutse, da dawowa za ta yi da kusan duk gudunta, domin dutsen ko gezau ba zai yi ba. Niyutiron da ƙwayar haidurojin nauyinsu kusan ɗaya ne, saboda haka a karo ɗaya niyutiron yana iya rasa dukkan ƙarfinsa. Ƙwayar kabon ta ninka shi nauyi sau 12, kuma ko da ya dake ta a tsakiya, abin da zai rasa bai wuce kashi 28 cikin 100 ba. Ƙwayar yuraniyam kuwa ita ce ƙaton dutsen.

Bari mu bi niyutiron ɗaya a cikin ruwa mu ga lissafin. Ana auna ƙarfinsa da ma'aunin eV. Yana fitowa da kimanin eV miliyan 2, kuma ana so ya sauko zuwa eV 0.025, wato ya ragu sau miliyan 80. A cikin haidurojin ɗin da ke cikin ruwan, idan aka haɗa karo mai ƙarfi da na goga aka ɗauki tsaka-tsaki, kowane karo yana raba ƙarfin da kimanin 2.7. Bayan karon farko saura kimanin 740,000, bayan na biyu 270,000, bayan na uku 100,000. Idan ya kai karo na goma ya sauko zuwa kimanin 90, a na goma sha uku yana kusa da 4 ko 5, a na goma sha takwas kuma ya isa inda ake so. Karo 18 ke nan. A cikin diyuteriyam, wato haidurojin mai nauyi, yana buƙatar kimanin karo 25, a cikin kabon kimanin 115, a cikin yuraniyam kuwa fiye da 2,000. Duk wannan tafiya tana ƙarewa kafin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ya cika.

A kan hanyar saukowar akwai tarko, kuma tarkon ne ya tsara siffar tukunyar. U-238 yana da wasu ƙananan matakan ƙarfi da yake haɗiye niyutiron a kansu da tsananin kwaɗayi ba tare da ya tsage ba, kuma mafi shahara a cikinsu yana kan eV 6.7. Niyutiron da ya iso wannan mataki yana cikin yuraniyam, da wuya ya tsira. Dabarar da aka yi ita ce a raba makamashin da mai rage gudu, a dunƙule yuraniyam a wuri ɗaya cikin siraran sanduna ko curi-curi, a kewaye shi da ruwa ko girafayit, wanda kabon ne zalla, ta yadda niyutiron zai fita daga yuraniyam da gudunsa, ya yi duk karonsa a waje inda babu U-238, ya tsallake matakan haɗarin, sannan ya dawo yana mai sanyin tafiya. Da a ce an niƙe yuraniyam na ƙasa an cakuɗa shi da garin girafayit, aikin ba zai taɓa ɗorewa ba.

Idan ƙarancin karo ne kaɗai abin dubawa, da ruwan da muke sha ya gama magana. To amma haidurojin yana da nasa aibi, domin wani lokaci a maimakon ya tunkuɗe niyutiron sai ya haɗiye shi. Diyuteriyam bai kai shi haɗiya ba ko kusa, bambancinsu ya haura sau ɗari shida, kabon ma haɗiyarsa ta gaza ta haidurojin kusan sau ɗari. Daga nan hanyoyi suka rabu. Wanda ya zaɓi ruwa na yau da kullum, dole ya biya kuɗin asarar da ruwan ke jawowa ta hanyar tace yuraniyam har U-235 ya kai kashi 3 zuwa 5 cikin 100, kuma haka yawancin tashoshin duniya suke. Wanda ba ya son tacewa, kamar yadda Kanada ta yi da tukwanenta na CANDU, sai ya nemi ruwa mai nauyi, wato ruwan da diyuteriyam ya maye gurbin haidurojin a cikinsa, wanda samar da shi ke da tsada. Wanda ya zaɓi girafayit, wato baƙin abin nan da ke cikin fensir, zai iya aiki da yuraniyam na ƙasa, amma sai ya gina tukunya mai girman gaske, tunda karo 115 yana buƙatar fili, kuma sai girafayit ɗin ya kasance mai tsabta ƙwarai. Ɗan ƙanƙanin boron a cikinsa ya isa ya kashe aikin. Leo Szilard ya gane haka a Amurka, ya matsa wa masana'antu lamba har suka samar da girafayit marar boron, da shi ne kuma tukunyar farko ta Chicago ta kama aiki ranar 2 ga Disamba 1942. A Jamus kuwa awon da aka yi a kan girafayit ya nuna musu bai dace ba, suka karkata ga ruwa mai nauyi na Vemork a Norway, kuma har aka gama yaƙin ba su sami tukunya mai aiki ba.

Yanzu sai sandunan linzami. Masu tuƙa tukunya suna da harafi ɗaya da suke sa wa ido, wato k, wanda yake nufin adadin tsagewar da kowace tsagewa ɗaya take haifarwa a zagaye na gaba. Idan k ya tsaya a kan 1, wuta tana nan yadda take. Idan ya haura tana ƙaruwa, idan ya gaza tana mutuwa. Ana ɗora wa tukunya makamashi fiye da abin da take buƙata a ranar farko, domin ta yi shekara ɗaya ko fiye kafin a sake zuba mata wani, saboda haka tun farko akwai rarar niyutiron da dole a sami mai cinye ta. Sandunan ana yin su ne da abubuwan da suka fi kowa haɗiyar niyutiron mai sanyin tafiya, irin su boron da kadmiyam da hafniyam, ko gaurayen azurfa da indiyam da kadmiyam. Ƙwayar boron-10 ta fi ƙwayar U-235 saurin kama niyutiron kimanin sau shida. Sanda ba ta rage wa kowa gudu, cire niyutiron take yi daga cikin lissafi gaba ɗaya. Kuma a lura cewa matsayin sanda ba shi ne ke nuna yawan wuta kai tsaye ba. Ana ɗan zaro ta k ya haura 1, wuta ta riƙa hawa, idan ta kai inda ake so sai a mayar da ita kusa da inda take, wutar ta zauna a sabon matsayi.

A nan akwai tambayar da ya kamata mai karatu ya yi. Idan zagaye ɗaya, daga haihuwar niyutiron zuwa tsagewar da zai jawo, bai wuce kashi ɗaya cikin dubu goma na daƙiƙa ba, wane hannu ne ko wane inji zai iya cim masa? Tambayar tana kan hanya. Idan k ya zama 1.001 kawai, kuma ana yin zagaye 10,000 a daƙiƙa, wutar za ta ninku fiye da sau 20,000 kafin daƙiƙar ta cika. Abin da ya ceci al'amarin shi ne ba dukkan niyutiron ne ke fitowa nan take ba. Kimanin kashi 0.65 cikin 100 na niyutiron ɗin U-235 a makare suke fitowa daga ɓaraguzan tsagewar, wasu bayan ƙasa da daƙiƙa, wasu bayan kusan minti ɗaya. Ana tuƙa tukunya ne ta yadda masu fitowa nan take su kaɗai ba za su cika lissafi ba sai sun jira na makare, kuma wannan jira ne yake mayar da ninkuwar sau 20,000 zuwa ƙarin kashi ɗaya ko biyu cikin 100 a daƙiƙa, abin da mutum zai iya gani a kan allo ya gyara. Amma iyakar tana nan: da zarar rarar ta haura wancan kashi 0.65, masu fitowa nan take sun wadatar da kansu, kuma babu sandar da ke da saurin da za ta kamo su.

Muna da misali a gida na yadda ake gina tukunya don kada ta taɓa kusantar wannan iyaka. A Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya akwai ƙaramar tukunyar bincike mai suna NIRR-1, ƙirar China, wadda ta fara aiki a 2004, mai ƙarfin kimanin kilowat 30, kuma Ghana tana da irinta kusa da Accra. Zuciyarta ba ta fi girman bokiti ba. Ruwa na yau da kullum ne mai rage gudunta, an kewaye ta da beriliyam wanda yake mayar da niyutiron masu neman tserewa, kuma sandar linzami ɗaya tak gare ta, ta kadmiyam, a tsakiya. Mutum zai iya ganin sanda ɗaya ta yi kaɗan, amma an ƙayyade rarar da ke cikin tukunyar ƙasa da rabon niyutiron na makare, kuma ko da an zare sandar gaba ɗaya, wutar za ta hau, ruwan ya yi ɗumi ya buɗe, haidurojin da ke tsakanin sandunan makamashi ya ragu, rage gudun ya yi rauni, wutar ta sauko da kanta. A 2018 aka canza mata makamashi daga yuraniyam mai tacewar kimanin kashi 90 zuwa mai kashi 13 cikin 100, amma wannan ɗabi'a tata ba ta canza ba.

Wannan ɗabi'a ita ce, a ganina, abu mafi daraja a tukunyar ruwa, kuma da gangan ake samar da ita. Masu ƙira suna sa ruwan ya ɗan gaza abin da zai ba da k mafi girma, domin duk raguwar ruwa ta zama raguwar wuta. Idan ruwan ya tafasa ya zama tururi, ko bututu ya fashe ya tsiyaye, mai rage gudu ya tafi, tsagewa ta tsaya. A manyan tashoshi masu ruwa a matse, maganaɗisun lantarki ne ke riƙe da sandunan daga sama, da zarar wuta ta ɗauke sai su faɗa ciki da nauyinsu cikin daƙiƙa biyu ko uku. Sai dai tsayawar tsagewa ba ita ce hucewar tukunya ba, domin ɓaraguzan da suka taru suna ci gaba da ba da zafi da ya kai kashi 6 zuwa 7 cikin 100 na cikakken ƙarfi a daƙiƙun farko, kuma babu sandar da ke da iko a kan wannan zafi. A tashar Fukushima ta Japan a 2011 sanduna sun shiga daidai lokacin girgizar ƙasa, abin da ya narkar da makamashin shi ne rashin ruwan sanyaya daga baya.

Tashar Chernobyl ta Ukraine ita ce inda wannan dangantaka ta juye, kuma ya kamata a dube ta da kyau. A tukunyar RBMK ta Tarayyar Sobiyet girafayit ne mai rage gudu, ruwa kuma yana bi ta cikin bututu ne domin kwashe zafi. Tunda girafayit ya riga ya ɗauke aikin rage gudu, abin da ya rage wa ruwan a lissafin niyutiron shi ne haɗiya. Saboda haka idan ruwan ya zama tururi, mai haɗiya ne ya tafi, mai rage gudu kuwa yana nan daram, sai wuta ta ƙaru, ta ƙara tafasa ruwa, ta sake ƙaruwa.

A daren 26 ga Afrilu 1986, yayin shirin wani gwaji a tukunya ta huɗu, wutar ta faɗi zuwa kimanin megawat 30 na zafi, alhali cikakken ƙarfinta 3,200 ne. A irin wannan yanayi wani ɓaraguzi mai suna zenon-135 yake taruwa, kuma babu wani abu da aka sani da ya kai shi haɗiyar niyutiron, domin ya ninka U-235 sau dubbai. Lokacin da tukunya ke aiki sosai niyutiron suna ƙone shi yana samuwa, amma idan aka rage wuta sai ƙonewar ta ragu alhali ayodin-135 da ya riga ya taru yana ci gaba da rikiɗa yana zama zenon har tsawon sa'o'i. Alamarsa a bayyane take ga mai tuƙi, wato wuta tana ta noƙewa ba tare da ya taɓa komai ba, kuma kullum sai ya ƙara zaro sanduna kafin ya riƙe ta. Haka ma'aikatan suka yi ta zarowa har suka kai wutar kimanin megawat 200, amma a lokacin yawancin sanduna 211 na tukunyar suna can sama, kuma abin da ya rage a ciki ya gaza mafi ƙarancin da doka ta yarda da shi, wato kwatankwacin sanduna 15.

Siffar sandar kanta ita ce ta ƙarasa ɓarnar. A ƙarƙashin sashen boron na yawancin sandunan an rataya wani dogon sashe na girafayit mai kimanin mita 4.5, domin idan an zaro boron sama kada ruwa ya cika gurbin ya ci gaba da haɗiya. Amma tsayin zuciyar tukunyar mita 7 ne, saboda haka idan sanda tana can sama, girafayit ɗin yana tsakiya, a ƙasansa kuma akwai ruwa mai tsayin mita 1.25. Da ƙarfe 1:23 da daƙiƙa 40 aka danna maɓallin tsayarwa na gaggawa, AZ-5. Sanduna suka fara sauka gaba ɗaya a hankali, domin suna buƙatar kimanin daƙiƙa 18 kafin su shige duka. A daƙiƙun farko boron yana shigowa ta sama, amma a ƙasa girafayit ne yake ture ruwan nan mai haɗiya yana maye gurbinsa, a bututu masu yawa a lokaci ɗaya. Ƙasan tukunyar ya sami ƙarin niyutiron daga maɓallin da aka yi domin kashe ta, tururi ya ƙaru, rarar ta tsallake iyakar niyutiron na makare, kuma cikin daƙiƙu kaɗan wutar ta ninka ƙarfin da aka gina tukunyar dominsa sau da yawa. Abin da ya fi ci mini rai a wannan labari shi ne an riga an lura da wannan hali na sandunan a tashar Ignalina ta Lithuania tun 1983, amma ba a gyara ba, ba a kuma sanar da masu tuƙi yadda ya kamata ba.

Gyaran da aka yi wa sauran tukwanen RBMK bayan haɗarin ya bi waɗannan gurabe ɗaya bayan ɗaya. An sake ƙirar sandunan yadda ba za a bar ruwa a ƙarƙashin girafayit ba, an rage lokacin shigarsu zuwa kimanin daƙiƙa 12, an kuma ƙara wani tsarin gaggawa da ya fi wannan sauri. An dasa abubuwan haɗiya na dindindin a cikin wasu bututu, ta yadda rabon ruwa a cikin haɗiyar ya ragu kuma tafasarsa ba za ta ƙara wuta sosai ba, sannan aka ɗaga tacewar yuraniyam daga kashi 2 zuwa 2.4 cikin 100 domin cike giɓin da waɗannan abubuwa suka haifar. An kuma ɗaga mafi ƙarancin sandunan da dole su kasance a cikin tukunya zuwa fiye da 40, aka sa adadin a gaban mai tuƙi inda zai riƙa ganinsa a kowane lokaci.